Kwalin da muke saye a kan 50: mu ci gaba da saye ko mu yi da kanmu?

Malam, barka da aiki. Ina da gidan burodi da kek, muna amfani da kwalaye 120,000 a shekara, kuma kowane ɗaya muna sayensa a kan 50 daga wani kamfani. Shekara uku da suka wuce na sayi tsohon injin yanka kwali haɗe da ƙaramin na buga tambari a kan 3,000,000, har yau suna ajiye a ɗakin baya ba mu fara aiki da su ba. Kwanan nan wani ya taya injinan 500,000, wani kuma yana neman hayar ɗakin a kan 300,000 a shekara. Ƙanena da ke kula da aiki ya ce mu fara yin kwalin da kanmu, tunda kayan haɗinsa 30 ne kawai. Akantanmu kuwa ya ce kowane kwali zai tsaya mana a kan 58, ga takardarsa nan na haɗo maka. Ni dai raina yana ga yi, ko don kuɗin injinan kada su tafi a banza. Wa zan bi?

Hajiya, barka kadai. Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu a kan lambar da ya kawo, domin kowannensu ya amsa wata tambaya ce dabam da wadda ke gabanki. Ƙanenki ya ƙirga abin da ido ke gani a jikin kwali ya tsaya a nan, akantanki kuma ya ƙirga duk abin da littafin kamfani ke ɗauke da shi ya ɗora wa kwali. Ke kuwa abin da kike bukatar sani shi ne nawa zai fita daga hannunki, ko ya kasa shigowa, daga yau zuwa gaba idan kin yi, da kuma nawa zai fita idan kin ci gaba da saye. Duk kuɗin da za ki saka a wannan lissafi sai ya cika sharaɗi biyu: ya zama na gaba ne ba wanda aka riga aka kashe ba, kuma ya zama yana canzawa gwargwadon hanyar da kika ɗauka. Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ba shi da wurin zama a teburin, komai girmansa, komai kuma yadda yake ci miki rai.

Na duba takardar akantan, kuma aikinsa a tsare yake. Ya raba 58 ɗin gida shida: kwali da tawada da gam 30, albashin sababbin ma'aikata biyu 9, wuta da gyaran inji 4, raguwar darajar injinan 5, kason hayar gini 6, sai kason albashin manaja da kuɗin ofis 4. Irin wannan lissafi yana da amfani idan ana son sanin ko farashin kek ya ishi ɗaukar nauyin gidan gaba ɗaya, ko kuma ana shirya rahoton ƙarshen shekara. Tun a shekarar 1923 masanin tattalin arziki John Maurice Clark ya yi bayanin cewa kowace irin shawara tana da irin lissafin kuɗin da ya dace da ita, amma wani kuskure da ake yawan yi har yau shi ne ɗaukar lissafin da aka yi domin rahoto a yanke shawarar kasuwanci da shi. Saboda haka kada ki ga laifin akantan, ki dai canza masa tambayar.

Mu fara da layin da ya fi taɓa zuciyarki, wato injinan. Miliyan ukun nan ta fita shekara uku da suka wuce, kuma babu abin da za ki yi yau da zai dawo da ita. In kin kunna injinan ta tafi, in kin bar su suna shan ƙura ta tafi, in kin sayar da su gobe ma ta tafi. Raguwar darajar da akanta ya rubuta, 600,000 a shekara wadda ta zama 5 a kan kowane kwali, ba kuɗi ba ne da za ki zaro daga asusu ki miƙa wa wani. Wancan tsohon kuɗin ne aka yanka gida biyar ana rubuta kashi ɗaya duk shekara. Don haka 5 ɗin nan ki soke shi. Amma ki lura cewa wuƙar tana da baki biyu: kamar yadda ba za a ɗora wa kwali wannan kuɗi a ce yin sa ya yi tsada ba, haka nan ba za ki kafa hujja da shi ki ce dole sai an yi kwali domin kada kuɗin ya tafi a banza ba. Na ga masu sana'a da dama sun zuba sabon kuɗi suna bin sawun tsoho, ba domin lissafi ya nuna riba ba, sai domin sayar da abin zai zama kamar amsa cewa an yi kuskure tun farko. Idan kika sayar a kan 500,000 alhali littafi yana nuna saura 1,200,000, akanta zai rubuta asarar 700,000, kuma ganin wannan lamba a takarda ba daɗi. Sai dai asarar ba ranar sayarwa ta faru ba. Ta daɗe da faruwa a hankali cikin ɗakin baya, sayarwar kawai ta fito da ita fili.

Abin da ya shafi shawararki a injinan shi ne darajarsu ta yau a kasuwa. Idan kin zaɓi yin kwali, kin ƙi karɓar 500,000 ke nan, kuma bayan shekara biyar na aiki wataƙila abin da za su kawo bai wuce kuɗin ƙarfe ba, mu ƙaddara 100,000. Bambancin 400,000 ne, wato 80,000 a kowace shekara, kuma wannan shi ne ainihin abin da amfani da injinan zai ci miki. Akanta bai rubuta shi ba domin babu rasit ɗinsa, ƙanenki kuma bai tuna da shi ba domin a ganinsa injinan kyauta suke tunda an riga an biya.

Kason haya da kason ofis ba sa bukatar dogon bayani. Mai gini zai karɓi hayarsa cif ko ana yanka kwali a ɗakin baya ko ba a yi, manaja zai karɓi albashinsa, kuɗin ofis kuma ba zai ƙaru ko ya ragu ba. Raba waɗannan kuɗaɗe tsakanin burodi da kek da kwali kamar sauya wa kaya wuri ne a cikin mota ɗaya, nauyin motar bai canza ba. Ki soke 6, ki soke 4. Gwajin da za ki riƙa yi wa kowane layi shi ne ki tambayi akanta ko akwai wata takardar biya da za ta daina zuwa, ko wata sabuwa da za ta fara zuwa, saboda wannan shawara. Idan ya ce babu, layin ba na nan ba ne. Idan kuwa ya ce kamfanin inshora zai ƙara kuɗi saboda an tara takarda da tawada a ginin da ake kunna tanda, to wannan ƙarin kaɗai ya shiga, ba kason tsohon kuɗin inshorar ba.

Bayan soke 5 da 6 da 4, saura 43, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa su yi murna. Bambancin 43 da 50 shi ne 7, idan aka ninka da kwalaye 120,000 ya zama 840,000 a shekara. Da a ce lissafin ya ƙare a nan da na ce ki kira mai gyara ya tayar da injinan. Sai dai cire abin da bai kamata ya shiga ba rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne nemo abin da ya kamata ya shiga amma babu shi a takardar kowa.

Na farko shi ne ɗakin. Mun ce kason haya ba ya cikin lissafi, kuma haka ne, amma hakan ba ya nufin ɗakin kyauta yake. Muddin akwai mai son biyan 300,000 a shekara, kuma yarjejeniyarki da mai gini ta ba ki damar saka wani, to duk shekarar da kika yi kina yanka kwali a ciki kin bar 300,000 ta wuce ki. Da babu mai so, babu kuma wani aiki da za ki yi da shi, da kuɗin ɗakin a wannan lissafi sifiri ne, duk da cewa kina biyan hayarsa. Wannan wuri ne da ke rikita mutane, domin abu ɗaya yana iya zama kyauta ga wani ya zama mai tsada ga maƙwabcinsa, dangane da abin da kowannensu zai iya yi da shi. Ki kuma tambayi kanki ko ɗakin zai ɗauki tanda ta biyu ko wurin sanyaya kek, domin idan kina mayar da masu oda a lokutan cunkoso saboda ƙarancin wuri, abin da ƙarin tanda zai bar miki bayan an cire fulawa da wuta da albashi yana iya zarce kuɗin hayar nesa ba kusa ba. A irin wannan hali babbar lambar ake ɗauka ita kaɗai, ba a haɗa biyun, tunda ɗaki ɗaya ba zai zama na haya kuma na tanda a lokaci guda ba. Zan ci gaba da 300,000 domin ita ce muke da tabbacinta.

Na biyu shi ne ɓarna, kuma a kanta zan ɗan daɗe domin ita ce ƙanenki ya fi raina wa. Lambarsa ta 30 ta ginu ne a kan cewa kowace takardar da ta shiga inji za ta fito kwali mai kyau, abin da ba ya faruwa ko a manyan kamfanoni. Duk lokacin da aka ɗaura wuƙar yanka, sai an ɓata takardu ana gwaji kafin matsi ya daidaita a kowane gefe: a wani wuri wuƙar ta ratsa har ta ci farantin ƙasa, a wani wuri kuma ba ta gama yankewa ba sai an fizge da hannu, gefen ya yi gashi-gashi. Layin karyawa, wato inda ake naɗe kwalin, shi ma yana da nasa hali. Idan ramin da ke karɓar layin ya yi wa kaurin kwalin ƙunci, ko kwalin ya bushe da yawa, sai farar fuskarsa ta tsage daidai inda aka naɗe, tsagar ta fito fili a tsakiyar launin tambarinki. Idan kuma ya sha laima a ajiya sai ya lanƙwashe, inji ya riƙa ɗaukar biyu-biyu ko ya cushe. Kwali yana da hanyar da zarensa ya kwanta, kuma wanda bai sani ba yana iya shimfiɗa zanen a juye, ya fitar da dubban kwalaye masu murfin da ba ya zama ko bangon da ke lotsawa idan an ɗora wani a kai. Ma'aikacin kamfanin da kike saye a wurinsa ya koyi duk wannan da kuɗin kamfaninsa. Naki ma'aikatan da kuɗinki za su koya.

Zan ƙaddara cewa biyar cikin ɗari za su lalace, kuma wannan ƙaddarawa ce tawa wadda ya kamata ki maye gurbinta da abin da gwaji ya nuna. Domin samun kwalaye 120,000 masu kyau sai kin sayi kayan kusan 126,300, wato ƙarin kuɗi kimanin 190,000 a shekara, kayan haɗin kowane kwali mai kyau kuma ya tashi daga 30 zuwa kusan 31.6. Na uku shi ne wuƙaƙen yanka da farantan buga tambari. Kowane girman kwali yana da tasa wuƙar, bakinta yana dakushewa, robar da ke turo takarda waje tana mutuwa, kuma duk sauyin da kika yi a tambari ko rubutu yana bukatar sabon faranti. Yanzu duk wannan yana cikin 50 ɗin da kike biya ba ki gani. Mu ba shi 150,000 a shekara har ki samo farashi na gaskiya daga masu yin su.

Yanzu mu tattara. Daga 840,000 a cire 300,000 na ɗaki, a cire 190,000 na ɓarna, a cire 150,000 na wuƙaƙe da faranti, a cire 80,000 na darajar injinan. Abin da ya rage 120,000 ne a shekara, wato 1 a kan kowane kwali. Kwalin da ƙanenki ya ce 30, akantanki ya ce 58, a gaskiya zai tsaya miki a kan kusan 49, ana sayar miki da shi a kan 50.

Kafin mu wuce, akwai abu biyu da ya kamata ki duba domin suna iya motsa lambar. Ki tabbatar ko 50 ɗin har da kawowa ƙofarki ne. Idan ke kike biyan mota daban, wannan kuɗi zai tsaya in kin daina saye, don haka a ƙara shi a gefen saye, kamar yadda za a ƙara kuɗin ɗauko takarda a gefen yi. Sannan batun albashi: 9 ɗin nan, wato 1,080,000 a shekara, ya shiga ne domin sababbin mutane za ki ɗauka. Ƙanenki zai iya cewa a sa ma'aikatan da ke nan su yi, sai albashi ya fita daga lissafi. Maganarsa za ta yi daidai ne kawai idan da gaske suna da sa'o'in da ba sa komai kuma ba za ki biya su ƙarin lokaci ba. Idan kuwa janye su za a yi daga kwaɓi ko ado, to abin da za a saka a lissafi shi ne ribar kek ɗin da ba a yi ba a waɗannan sa'o'i, kuma sau da yawa ta fi albashin sabon ma'aikaci.

Riba ta 120,000 riba ce, amma ki dubi yadda take tsaye a kan ƙafa ɗaya. A halin yanzu kuɗin kwalinki yana bin cinikinki: watan da kasuwa ta ja baya kika rage oda, kuɗin ya ragu. Ranar da kika fara yi da kanki, babban ɓangarensa ya zama tsayayye wanda ba ya jin kasuwa. Albashi, kuɗin ɗaki, wuƙaƙe, darajar injinan, da rabin layin wuta da gyara wanda na ɗauka na gyara ne, sun haɗu sun kai 1,850,000 a shekara ko an yi kwali ɗaya ko an yi dubu ɗari. Abin da ke bin yawan kwali shi ne kayan haɗi 31.6 da wuta 2, jimla 33.6, don haka kowane kwalin da kika yi maimakon saye yana rage miki 16.4. Idan aka raba 1,850,000 da 16.4 za a samu kusan 113,000, kuma wannan shi ne adadin da yi da saye suke kunnen doki. Ke kina kan 120,000. Idan cinikinki ya sauka da kashi shida cikin ɗari kawai, ribar ta ƙare, ƙasa da haka kuma asara ce. Idan ɓarna ta kai goma cikin ɗari a shekarar farko, abin da ba zai ba ni mamaki ba da tsofaffin injina da sababbin hannu, ƙarin kuɗin kaya zai zama 400,000 maimakon 190,000, ribar ta juye ta koma asarar 90,000. Gyara ɗaya babba a injin da ya shekara uku bai motsa ba ya isa ya cinye ribar shekara guda.

Akwai kuma kuɗin da zai kwanta. Masu sayar da takarda ba sa ba da farashi mai sauƙi sai ga mai ɗaukar da yawa, kuma sabon mai saye da wuya a ba shi bashi. Idan sai kin ɗauki kayan wata uku a tashi ɗaya, kusan 950,000 ke nan za ta zauna a ɗaki a matsayin takarda, alhali wataƙila kamfanin da kike hulɗa da shi yanzu yana kawo miki duk wata, yana ma ɗaga miki ƙafa kafin biya. Ban saka wannan a lissafin ba, amma ke kin fi ni sanin abin da kuɗi irin wannan ke juyawa ya kawo idan yana cikin fulawa da sukari.

Sai abin da ba ya shiga lamba cikin sauƙi, kuma a sana'ar abinci ba ƙaramin abu ba ne. Kwalin kek yana taɓa abin da mutane za su ci. Maiƙo da kirim suna jan wari, kuma warin tawadar da ba ta gama bushewa ba ko na gam yana iya shiga kek cikin dare ɗaya, mai saye ba zai ce kwali ne ba, zai ce kek ɗinki ne ya canza. Takardar da aka sake sarrafawa daga tsofaffin jaridu tana iya ɗauke da ragowar man tawada da ke ratsawa zuwa abinci mai maiƙo, shi ya sa ake amfani da kwalin da aka yi domin abinci, mai fuskar da ke hana maiƙo ratsawa, da tawadar da aka tanada domin wannan aiki, ana kuma kula kada fuskar da aka buga ta shafi cikin kwalin da ke kanta lokacin da aka jera su. Yau idan aka samu matsala kina da wanda za ki mayar wa kaya ki nemi hakkinki. Gobe ke ce kamfanin, kuma hukumar da ke duba abinci a inda kike ke za ta tambaya. Yankan kwali yana tayar da ƙurar takarda, ga kuma tarin abu mai kama wuta kusa da tanda, don haka sai an raba wurin da kyau. Hankalin ƙanenki ma abu ne mai iyaka: albashinsa bai shiga lissafi ba, amma safiyar da ya kwana yana fama da injin da ya cushe, wani ne zai tsaya a kan tanda a madadinsa.

Domin adalci, yi da kai yana da nasa amfanin da lamba ba ta nunawa. Idan kamfanin yana yawan makara har kina rasa oda, ko yana tilasta miki ɗaukar dubbai na girman da ɗari biyar kawai kike bukata, ko shi kaɗai ne mai yi a kusa da ke yana ƙara farashi yadda ya ga dama, waɗannan dalilai ne masu nauyi. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa na ɗauka hulɗarku lafiya take. In akwai, ki ƙirga odar da kika rasa a shekarar da ta wuce saboda rashin kwali, ki saka ribarta a gefen saye.

A kan lambobin da ke gabana, shawarata ita ce kada ki fara yi yanzu. Ki ɗauki wannan lissafi ki je wurin kamfanin, ki nuna musu cewa kina da injina kuma kin san abin da kwalin zai tsaya miki, sannan ki nemi ragi a madadin alkawarin odar shekara guda. Ragin 2 kawai a kan kowane kwali ya kai 240,000, ninki biyu na abin da za ki samu bayan ɗaukar ma'aikata da duk ɗawainiyar da muka lissafa. Ki nemi farashi daga wasu kamfanoni biyu kafin ki je, ki kuma tambaya ko rage launin tambari daga uku zuwa ɗaya, ko haɗe girma biyu masu kusanci su zama ɗaya, zai sauko da farashin, domin yawan sauya wuƙa da faranti yana cikin abin da suke caji a kai.

Amsar za ta canza idan yawan ya canza. A kan kwalaye 180,000 a shekara, muddin ma'aikata biyun da injinan za su iya ɗauka ba tare da ƙari ba, irin wannan lissafi yana ba da ribar kusan 1,100,000, kuma a nan kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu. Idan kina da dalili mai ƙarfi na ganin za ki kai can cikin shekara ɗaya ko biyu, kamar reshe da kika riga kika kama wurinsa ko yarjejeniya da aka sa wa hannu, to kafin ki amsa wa mai tayin injinan ki kira ƙwararren mai gyara ya duba su ya rubuta miki abin da tayar da su zai ci, ki sayi takardar kwalaye 2,000, ki ɗauko wanda ya iya aikin na kwana biyu, ku ƙirga nawa suka fito da kyau da sa'o'in da aka ɗauka, ki kuma rufe kek a cikin guda goma ya kwana ki ɗanɗana da safe. Idan kuwa fatan ƙaruwar kawai kike yi, babu takarda a kanta, ki karɓi 500,000 ɗin tun mai tayin bai sauya ra'ayi ba, ki ba da hayar ɗakin na shekara ɗaya kacal domin ya dawo hannunki idan maganar tanda ta biyu ta taso.